Hatimi Huɗu a Rabin Takarda

A shekarar da aka fara ganin 'yan kwangila da motar Fijo a Kebbe, Dikko ya sami sammaci daga kotu. Namadi ne ya kai shi ƙara a kan fadamar da yake noman albasa, wadda ita ce cinsa da shansa da suturar 'ya'yansa. Abin haushin shi ne maganar ba sabuwa ba ce. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce uban Namadi ya kai uban Dikko gaban alƙali a Tambuwal a kan wannan fadamar, aka yi shari'a, aka bar wa uban Dikko. Duka tsofaffin sun rasu, shaidun ma sun bi su, shi ya sa Namadi ya ga dama ta samu, ya je wata kotun ya buɗe sabuwar ƙara.

Dikko ya gaya wa alƙali an riga an yanke wannan magana. Alƙali ya ce to madalla, idan haka ne ba za a sake ta ba, amma baki ba hujja ba ne. Ya kawo kwafin tsohon hukuncin wanda aka tabbatar da shi. Ya ba shi mako uku.

Takardar kuwa tana nan. Uban Dikko ya ajiye ta a cikin gwangwani, falle ɗaya, an buga ta da keken rubutu gaba da baya, ta yi ja don daɗewa. Dikko yana karanta ajami, amma boko sai dai ya kalla. Matarsa Marka ta ce ya kai wa yayanta, Alhaji Ɗan'iya, wanda ya yi masinja shekara tara a Sakkwato kafin ya koma kwangilar kwalbatoci, kuma tun daga lokacin babu maganar gwamnati da za a yi a Kebbe bai sa baki ba.

Alhaji Ɗan'iya ya riƙe takardar da yatsa biyu, ya ɗaga ta sama kamar mai duba ƙwai. Ya ce wannan ai ƙaramin abu ne. Tabbatarwa hatimi ce, hatimi kuwa na manya ne, manya kuma duk a aljihunsa suke. Akwai wani inji a Sakkwato da ke ɗaukar hoton takarda, a sa ta a ciki ta fito biyu. Zai je jibi, zai ɗauko. Ita tsohuwar, da ya dawo a mayar da ita gwangwani kada ta yage.

Haka aka yi. Hoton ya dawo fari tas, falle ɗaya, yana warin magani. Daga nan aka fara yawo.

Sun fara da wani hedimasta abokin Alhaji. Sun same shi a gindin darbejiya yana cin rogo da ƙuli. Bai ko goge hannu ba ya jawo hatimin makaranta daga aljihu, ya hura masa iska, ya danna, ya yi wani zane kamar tafiyar tsutsa. Maiƙon ƙuli ya zauna a gefen takardar. Dikko ya ce ko a kawo ta asalin ya gani? Hedimasta ya yi dariya ya ce wanda Alhaji ya kawo ai ba a tambayarsa asali. Da za su tafi Alhaji ya raɗa wa Dikko cewa mutumin yana son zabi.

Na biyu kansila ne. Sai da suka yi masa zuwa uku, ranar ta ukun ya buga hatimin a kan bonet ɗin mota, injin na kunne, yana magana da wani. Na uku sakataren ƙungiyar manoma, wanda hatiminsa ya bushe har sai da ya tofa masa yawu. Na huɗu magatakardan wani mai gari, shi kuwa ya buga nasa a juye, kai a ƙasa. Babu ɗaya a cikinsu da ya karanta layi guda. Dikko ya lura da wannan, abin ya tsaya masa a rai, amma duk sanda ya buɗe baki sai Alhaji ya ce shi dai ya yi kallo. Kowa kuma sai da aka kai masa wani abu: wannan zabi, wancan buhun albasa, wancan busasshen kifi. Marka ta ce ai sun kusa cinye fadamar kafin Namadi ya karɓe ta.

Ranar zama Alhaji ya sa babbar riga ya raka shi. Dikko ya miƙa takardar, ta yi shuɗi da tawada kamar an tsoma ta a karofi. Alƙali ya dube ta, ya juya bayanta, ya sake juyowa. Ya tambayi wa ya tabbatar da ita. Alhaji ya miƙe tsaye ya fara jera sunayen manya, alƙali ya ce ya zauna, ba shi aka kira ba.

"Malam Dikko," in ji alƙali, "a cikin mutanen ga fuɗu, wane ne littafin shari'ar Tambuwal ke hannunai?"

Dikko ya ce babu.

"To mi suka tabbatar?"

Namadi ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Alƙali ya ce wannan takarda ba za ta shiga ba. Hukuncin kotu, rajistaran kotun da ke riƙe da littafin ne yake tabbatar da kwafinsa, ba wani ba, ko da ya fi shi rawani. Ya ƙara masa kwana bakwai, na ƙarshe. Idan bai kawo ba, za a saurari ƙarar Namadi daga farko kamar ba a taɓa yin wata shari'a ba. Dikko ya san ma'anar wannan: shi ba shi da shaida mai rai, Namadi kuwa ya tanadi tsofaffi uku.

A waje Alhaji Ɗan'iya ya ce alƙalin nan sabon zuwa ne, bai san mutane ba. Shi Alhaji ya san wani babban sakatare a Sakkwato, in aka ƙara nasa hatimin, shi ke nan. Dikko ya dube shi daga hula har takalmi. Washegari da sassafe ya ɗauki gwangwanin ubansa da takardar hatiman, ya hau bayan akori-kura zuwa Tambuwal shi kaɗai.

Rajistaran kotun, Malam Atiku, siririn mutum ne mai tabarau ɗaure da zare. Dikko ya shigo masa da ƙullin kifi, Malam Atiku ya ce masa ya mayar da shi waje, ofis ɗin ya ishe shi da wari. Ya karɓi takardar ya shimfiɗa a tebur, ya ɗauki fensir yana nuna hatiman ɗaya bayan ɗaya, fuskarsa a yamutse.

Ya ce ko da a ce waɗannan mutane suna da ikon yi, abin da suka yi ba tabbatarwa ba ne. Mai tabbatarwa sai ya ajiye asali da kwafi gefe da gefe ya karanta. Sannan ya rubuta a ƙasan kwafin cewa wannan daidai yake da asalinsa, ya sa kwanan wata, ya sa hannu, ya rubuta cikakken sunansa yadda za a karanta, da muƙaminsa, ya buga hatimin ofis. Don in ta ɓaci a san wanda za a kama. Nan kuwa hatimin makaranta sunan makaranta kawai ya faɗa. Na kansila babu kwanan wata. Sa hannun sakatare babu suna a ƙarƙashinsa, ko aljani ne ya yi ba mai sani. Babu ko ɗaya da ya ce ya ga asali.

Sai ya sa aka ɗauko littafin shari'a na shekarar daga cikin kabad, ya kaɗe masa ƙura da kashin ɓera, ya nemo shafin. Ya ɗora yatsa ɗaya a littafi, ɗaya a hoton, yana bi layi layi. Da ya kai ƙarshen hoton ya juya bayansa, ya ga fari. Ya cire tabarau.

"Baba, ina sauran?"

Dikko ya ce iyakarta ke nan. Malam Atiku ya ce ya ba shi ta gwangwanin. Ya juya ta, ga rubutu cike da bayanta.

Gaba kawai aka ɗauka a Sakkwato. A gaban kuwa babu komai sai da'awar uban Namadi, yana cewa fadama tasa ce tun daga tsamiya har bakin rafi, da maganar shaidunsa biyu. Amsar uban Dikko, da rantsuwar da ya yi, da hukuncin alƙali, duk suna baya.

"Ka gode wa Allah da alƙali ya ƙi ta," in ji Malam Atiku. "Manya fuɗu sun sa maka hannu a kan cewa gonar ta abokin shari'arka ce. Kai kuma ka ɗauka da hannunka ka kai mashi."

Dikko ya zauna a benci. Ya tuna maiƙon ƙuli, ya tuna yawun sakatare, ya tuna zabinsa guda biyu da Marka take kiwo tun suna 'yan tsaki. Ya fita ya tofar da yawu, ya dawo.

Malam Atiku ya ce ba zai sa hannunsa a wannan hoton ba ko an cika shi, ya riga ya ƙazantu. Ya sa Dikko ya nemi kwafi a rubuce, ya dangwala yatsa, ya biya kuɗin da doka ta yanka aka ba shi rasit. Aka buga hukuncin daga littafi da keken rubutu, falle biyu. Kwana biyu Dikko ya yi a Tambuwal yana jira, don mai bugawar ya tsallake layi ɗaya, Malam Atiku ya sa ya sake fallen gaba ɗaya. Da aka gama ya karanta masa da ƙarfi daga farko har ƙarshe, ya yi rubutunsa a ƙasan kowane falle, suna da muƙami da kwanan wata, ya danna hatimi ɗaya ƙarami a inda bai rufe ko harafi ba.

Ranar cikar kwana bakwai alƙali ya karanta, ya tambayi Namadi ko fadamar da ke cikin takardar ita ce yake nema, ko kuma mai ƙarar farko ba ubansa ba ne. Namadi ya yi 'yan kame-kame ya ce ita ce, ubansa ne. Alƙali ya kori ƙarar. Tsofaffin nan uku ko zama ba su gyara ba.

Kafin Dikko ya isa Kebbe labari ya riga shi, kuma ya canza kama. A tashar mota ya ji ana cewa Alhaji Ɗan'iya ya fitar da surukinsa, ya tara wa alƙali hatimai har ya rasa ta cewa. Ya wuce ta gindin darbejiya ya ga mutum biyar a tsugune gaban hedimasta, kowa da takardarsa a hannu, ɗaya da zakara a hammata. Ya tsaya ya gaya musu abin da ya gani a Tambuwal. Suka saurare shi da ladabi, ɗaya ya ce to ai shi ga shi ya ci tasa shari'ar, suka gyara layi.

Da la'asar Alhaji ya zo gida da kansa, ya ce in an cire albasa kada a manta da manyan da suka tsaya. Dikko ya shiga ɗaki ya fito da takardar hatiman, ya naɗe ta huɗu, ya sa masa a aljihun babbar riga.

"Ga rabonsu nan, Alhaji. Ka ce su karanta."

Marka tana bakin murhu, ba ta ɗago kai ba. Dikko ya wanke hannunsa da sabulu, ya ɗauki fartanya ya nufi fadama.