Tsarabar da Illa ya daina kawowa

Wata huɗu ke nan Illa yana riƙe da wata magana da ya kasa faɗa wa matarsa Cima. Kullum ya idar da salla sai ya ƙudura cewa yau zai faɗa, kullum kuma rana ta faɗi bai faɗa ba.

Shi ya fara. Shekara biyu da suka wuce, da ciwon kai ya taɓa kwantar da ita, ya sayo mata ƙwayoyi a kasuwar Madawa. Ta yi murna. Tun daga nan ƙwaya ta zama tsarabarsa ta kowace kasuwa, a maimakon goro. Yanzu Cima, wadda duk garinsu Galma aka san tabarmin da take saƙawa, ba ta iya sunkuyawa a kan kaba. Da ciwo take farkawa, ta haɗiye biyu, ya lafa, kafin azahar ya dawo.

Wata huɗu da suka wuce, ranar da ya kai ƙafarsa likita a wanke masa rauni, ya tambayi majo, shugabar ma'aikatan wurin, ko akwai ƙwayar ciwon kai wadda ta fi ƙarfi, saboda matarsa.

"Kwana nawa take sha a wata, Baba?"

"Kullum."

"Taramol ne?"

"A'a, farasitamol. Da mai jan kwalin nan."

"To, maganin ne ciwon yanzu. Wanda ya kai kwana goma sha biyar a wata yana sha, ko goma in mai haɗin magunguna ne irin mai jan kwalin, wata da watanni, kansa yana sabawa. Da ƙwayar ta sake shi sai ciwon ya taso, ya ƙara sha. Da taramol ne, sai mu rage a hankali. Wannan kuwa ta bari gaba ɗaya. Mako ɗaya ko biyu ciwon zai ƙaru, har da tashin zuciya, sannan ya fara sauka. Kawo ta in duba ta."

Bai kawo ta ba. Ya ci gaba da sayowa, domin ya kasa kallon idonta ya ce da hannunsa ya kawo mata cutar.

Yau ya dawo daga kasuwa, ya zagaya garkar albasarsa sau biyu ba tare da dalili ba, sannan ya shiga gida. Cima ta miƙo hannu daga ƙarƙashin rumfa, kanta ɗaure tamau da kallabi.

"Malam, ina tsarabata?"

Ya aje mata goro.

"Goro? Tsufa ya kai ka ga mantuwa ke nan?"

Ya tsuguna, ya faɗa mata duka, har da wata huɗun. Ta dube shi.

"Wata huɗu kana kallona ina haɗiya?"

"Ina kallonki."

Ta kawar da kai. Can ta tura masa gwangwanin ƙwayoyin da ƙafa.

"In na zage ka cikin makon nan, kai ka jawo."

"Na ɗauka."

Ya sa gwangwanin a aljihu, ya fita wurin mai babur, ya ce gobe da safe ya zo ya kai su likita, su biyu.