Fitsarin Oyinkan

A dogon bencin da ke ƙofar ɗakin yara babu matar da ta sa kayan kirki. Labake ta lura da wannan tun zuwanta na biyu asibitin nan na Oshogbo: kowa tsohon zane take ɗaurowa, don ta san abin da za a yi mata a cinya. Mama ce kaɗai ta zo cikin farin leshi da gwaggwaro, kamar wadda za ta bikin suna.

"Ai ba zama na zo yi ba," in ji ta. "Likita zai buɗa bakin yarinyar nan ya ga haƙori, ya ba ni haƙuri, mu koma gida."

Mama uwar mijin Labake ce. Daga Ilesha ta zo wankan jego, ga shi jaririyar, Oyinkan, ta yi wata bakwai, Mama ba ta ko fara zancen komawa ba. Ita ce ta ce haƙori ne a zazzaɓin farko. A na biyu mai kemis ya ce maleriya. A na uku aka kwantar da yarinyar, aka sami ƙwayoyin cuta a fitsarinta. Da ta warke aka zura mata siririyar roba ta mafitsara, aka ɗura wani ruwa, aka ɗauki hoto. Likita ya nuna wa Labake yadda ruwan ya hau sama ta gefen hagu, maimakon ya tsaya inda aka zuba shi. Ya ce bututun da ke kawo fitsari daga ƙoda bai shige bangon mafitsara sosai ba, shi ya sa ba ya rufewa. In mafitsara ta matsa, wani fitsarin sai ya koma inda ya fito, in da cuta ya tafi da ita. Kowane irin wannan zazzaɓi yana iya barin tabo a ƙoda. Yara da yawa suna girma abin ya gyaru da kansa, amma kafin nan sai ɗan magani kullum da yamma, kuma duk ranar da jiki ya yi zafi a kawo ta a gwada fitsari kafin a ba ta wani sabon magani.

Labake ta riƙe duk wannan. Amma abin da ya fi zauna mata shi ne kukan da Oyinkan ta yi ranar robar nan, har muryarta ta dishe, tana kallon uwarta kamar ita ta kai ƙararta.

Yau ma jikin ya yi zafi. An tsaga yatsa, babu maleriya. Nas Fadeyi, wata doguwar mata da ba ta iya wuce mutum ba ta tsokane shi ba, ta goge gaban yarinyar da auduga daga gaba zuwa baya, ta miƙa wa Labake kofi mai jan murfi.

"Maman Oyinkan, kin san dokar. Kada yatsa ya shiga ciki, kada kofin ya taɓa jikinta. In na gama zagayen allura ba ki samu ba, roba zan ɗauko. Ba za mu zauna jiran gimbiya da zazzaɓi a jikinta ba." Ta dubi Mama daga sama har ƙasa. "Mama, sannu da zuwa. Ina ake bikin, ba a gayyace mu ba?"

"Bikin fitar haƙori," in ji Mama. "Za ki ci shinkafa."

Labake ta kwance famfas, ta zaunar da yarinyar a cinya, ta ba ta nono, kofi a buɗe a ɗaya hannun. Oyinkan ta sha kaɗan ta saki, ta sake kamawa. Matar da ke gefensu ta samu nata, ta tashi tana ɗaga kofi kamar ta ci gasa, sauran mata suka yi mata barka. Hannun Labake ya fara sagewa.

"Kawo ta nan, iyawo," in ji Mama. Haka take kiranta har yau, amarya. "Kin riƙe ta kamar tiren ƙwai. Wa zai yi fitsari ana zare masa ido haka? Ko ni sai ya maƙale."

Labake ta miƙa mata yarinyar, ta durƙusa a gabansu da kofin. Sai waya ta yi ƙara a jaka. Baban Oyinkan ne, daga tasha.

"Ta yi?"

"Ba ta yi ba."

"Ku kunna mata famfo mana, ta ji ƙarar ruwa."

"Famfon asibitin ne zan..."

"Yeee!" in ji Mama.

Kafin Labake ta juyo an gama. Duk ya tafi cikin farin leshi, ko ɗigo kofin bai gani ba. Oyinkan ta yi wata 'yar ajiyar zuciya ta jingina da ƙirjin kakarta. Benci ya kwashe da dariya.

"Albarka ce, Mama! Wasu jikokin na tafe!"

"Amin," in ji Mama, ba ta ko motsa ba. Ta tattaro gefen leshin a hannu. "Miƙo kofin, iyawo. Leshin tsaf yake, jiya aka karɓo daga wanki."

Nas Fadeyi ta leƙo daga ɗakin allura kamar an kira ta. "Mama, in kika matse mini leshin nan a kofi, abin da zai tsiro a ɗakin gwaji sai ya haɗa da na mai wanki da na ɗan acaɓan da ya kawo ku. Wanne zan yi wa magani?" Ta dubi Labake, muryarta ta sauka. "Saura gado kaɗan in gama zagaye. Ki ƙara ba ta nono."

Labake ta koma benci da yarinyar. Goshin da zafi, wuyan ma haka. Ta cikin ƙofa tana hango tiren ƙarfe a kan tebur, da robar a cikin ledarta. Ta san ba mugunta ba ce, ta san minti kaɗan ne, ta san gara robar da a yi ta zato. Duk da haka ta kawar da ido daga tiren.

Akwai wata hanya, kuma tun ɗazu ta san da ita.

Tun Oyinkan na wata uku Mama ta fara ɗora ta a ƙafa da safe, yadda ta yi wa 'ya'yanta shida: ta miƙe ƙafafu, ta zaunar da yarinyar a tsakanin ƙwaurinta, ta yi mata tsss har ta yi fitsari. Ranar da aka dawo da hoton nan Labake ta hana. Likita ya faɗa mata da bakinsa cewa haka aka haifi yarinyar, ba abin da wani ya yi, amma tana neman abin da za ta hana, wannan ne ya zo hannu. Mama ta ce to. Tun daga ranar, kullum Labake ta shiga wanka, sai ta jiyo tsss daga bayan gida, ƙasa-ƙasa. Kullum kuma sai ta ƙara jan wankan, don kada ta fito ta gani. Famfas ɗin safe a bushe take samunsa, ba ta taɓa tambaya ba.

Labake ta sake ba yarinyar nono, ta bari ya ɗan zauna mata. Sannan ta ce, idonta a kan murfin kofi, "Mami."

"Na'am."

"Da za ku gwada... abin nan."

"Wane abu?"

"Na ƙafa."

"Ƙafa?" Mama ta dubi ƙafafunta kamar yau ta fara ganinsu. "Me ya sami ƙafata?"

"Mami, don Allah."

"Au, abin ƙauye? Ai an hana. Wata mai digiri ce ta hana, a gabana. Kuma yarinyar da aka daina wa tun tuni, ina za ta tuna?"

Matar da ke kusa ta matso, ta fasa gyara goyonta.

"Za ta tuna," in ji Labake a hankali. "Ko jiya ta tuna."

Mama ta gyara gwaggwaro, wanda bai karkace ba.

"Ashe ruwan wankan naki ba shi da ƙara," ta ce.

"Bokiti ɗaya ne, Mami. Tsayawa nake yi."

"Ni kuma ina ta sauri kamar ɓarauniya! Da ciwon gwiwata!" Ta juya ga matan benci. "Kun ga irin yaran yanzu? Ta bar tsohuwa tana laɓe-laɓe a gidan ɗanta."

"Ki yi haƙuri, Mama, ki taimaki jikarki," in ji wata.

"Jikata ba ta yi mini komai ba. Ban da leshi."

Ta sauko daga benci da kyar, ta shimfiɗa zanen goyo a ƙasa, ta zauna a kai, ta tuɓe takalma. Labake ta roƙo sabuwar auduga, ta sake goge yarinyar, don ta zauna a jiƙaƙƙen leshi. Mama ta karɓe ta, ta zaunar da ita a kan ƙwaurinta, fuska na kallonta, ta buɗa ƙafafun yadda kofi zai shiga ta ƙasa ba tare da ya taɓa kowa ba.

"Ke kuma kada ki kalle ta. Kalli ƙasa. In ya fara, bar na farkon ya wuce, haka doguwar nas ɗin nan ta ce wa waccan, ina ji."

Labake ta durƙusa, kunci kusan a kan siminti. Matan benci suka kasa kunne.

"Oyinkan, uwar gidana," in ji Mama, tana riƙe da hannuwanta biyu. "Mai kunyar asibiti. Yi mana, kada su ce ba mu iya komai ba a Ilesha. Tsss. Tsss."

Oyinkan ta ɓata fuska kamar za ta yi kuka. Ta dubi gwaggwaron, ta miƙa hannu za ta cafko. Sai ta tsaya cak, idanunta suka tafi wani wuri.

Labake ta bar na farkon ya zuba a zane, ta tura kofin. Ƙarar da ya yi a cikin robar ba ta fi ta ɗigon rufi ba, amma har ƙarshen benci an ji. Ta janye kafin ya ƙare, ta rufe, ta murɗa murfin tam.

Mata suka ɗauki shewa. Mama ta karɓi kofin da yatsu biyu, ta ɗaga shi wajen taga don kowa ya shaida. Sai hannunta ya tsaya a sama. Fitsarin bai yi garau ba, ya yi dishi-dishi kamar ruwan da aka wanke shinkafa.

"Haka yake yi?" ta tambaya, ba da muryar ɗazu ba.

"Sai an gwada za a sani. Amma haka ya yi wancan karon."

Mama ta sa ɗan yatsa ta taɓa dasashin yarinyar, inda farin haƙori ya ɗan leƙo.

"Ga shi kuwa ya fito," ta ce.

"Ya fito, Mami. Na gani tun shekaranjiya."

"To." Ta mayar wa Labake kofin, ta jawo yarinyar jikinta ta rufe mata baya da hannun leshi. "Sai su yi sauri su ba ta abin da za su ba ta. Jikin nan ya yi zafi da yawa."

Nas Fadeyi ta fito da tire a hannu, safar roba a yatsu, baki a buɗe da abin da ta shirya faɗa. Ta ga tsohuwa zaune a ƙasa ba takalmi, ta ga jiƙaƙƙen zane, ta ga Labake a durƙushe tana miƙo mata kofi da hannu biyu. Ta karɓa, ta duba murfin, ta ɗaga shi ga haske. Ta ɗora bayan hannunta a goshin Oyinkan. Sannan ta tura robar gefe guda a kan tiren, ta ajiye kofin a wurin, ta juya ta nufi ɗakin gwaji da sauri.