Ƙafar Baiwa, Lamba Talatin da Takwas

Takalmi iri ɗaya ne tak Idrisa ya aiko wa ƙanwarsa Najaha daga Kano, amma kala huɗu ne, lamba kuma daga talatin da shida zuwa arba'in da ɗaya. Ta juye buhun a tabarma, ta ɗauki hoto guda, ta sa a katalog ɗinta na WhatsApp, ta rubuta: "Akwai kowace kala, kowace lamba."

Ba ta yi ƙarya da gangan ba, ƙirgawa ce ba ta yi ba. Tsanwa ba ta da arba'in, ja kuma ya tsaya a talatin da tara. Masu saye, galibinsu mazan garinta, Matameye, da ke cin rani a Najeriya suna yi wa matansu sayayya, suka riƙa turo saƙo: "Na tsakiyan nan." "Wanda ke kusa da ƙafar kaza." Kazar ma Najaha ba ta san ta shiga hoton ba. A mako guda aka maido mata takalmi tara.

Idrisa ya kira. "In aka sake maido ko ɗaya, zan kwashe kayan in ba Munkaila na tasha."

Ranta ya ɓaci ƙwarai, don wannan ce sana'ar farko da ta taɓa kira tata. Ta zauna ta yi aikin yadda ya kamata. Kowace kala ta ba ta gurbinta da hotonta ita kaɗai, a inuwa ɗaya don kada shuɗi ya koma ruwan toka. Ƙarƙashin kowace ta jera lambobin da ke akwai a wannan kalar, wadda ta ƙare ta goge ta nan take.

Sai ga wata sabuwa. Namijin da ya san kuɗin mota daga Legas zuwa Daura bai san lambar ƙafar matarsa ba. Matan ma ba su sani ba, su da suka saba auna ƙafa da tsinken tsintsiya su kai kasuwa. Wani Inusa har hoton tsinke ya turo, tsinke shi kaɗai a farin bango, wai a ba shi daidai wannan.

Nan Najaha ta yi dabara. Gaban kowace lamba ta rubuta sunan macen da gari ya sani. Talatin da takwas, wadda aka fi nema, ta rubuta: "Ƙafar Baiwa mai ƙosai." Baiwa ƙawarta ce tun suna yara, dariya kawai ta yi.

Abin ya kama. Mace za ta zo sayen ƙosai ta tuɓe takalmi, ta jera ƙafarta da ta Baiwa, a kira shaida biyu. Wasu daga Dungu suke zuwa ranar kasuwa don gwajin kaɗai. Baiwa na juya ƙosai da hannu, ƙafarta na waje tana aikin gwamnati. Wata uku ba a maido ko ɗaya ba.

Ana dab da damina, wata Mas'uda ta shigo da jan takalmi a leda, tana cewa ita da Baiwa daidai suke, amma abin ya ƙi shiga. Najaha ta lallashe ta, ta ɗauki takalma ta ruga wurin ƙosai. Talatin da takwas ya ƙi ƙafar Baiwa, talatin da tara ma ya ƙi. Arba'in ne ya shiga.

"Zama ne ya yi mini yawa," in ji Baiwa, tana kallon kasko.

Najaha, da Munkaila kawai ke yawo a kanta, ta gyara jerin tun a hanya: "Ƙafar Baiwa ta koma arba'in."

Kafin la'asar babu tsohuwar da ba a karanta wa ba, kuma tsofaffi sun san abin da ke kumbura ƙafar mace mai zumbula hijabi cikin wannan zafi. Aka fara kai wa Baiwa ziyarar da babu dalili.

Baiwa ta shigo gidan Najaha a hankali, ta zauna kan buhun takalma.

"Mijina Muntaka ya kira daga Legas yana kuka. A katalog ya gani."

"Me ya gani?"

"Ciki ne, wata bakwai, Najaha. Sau biyu ina faɗa da wuri yana zubewa. Wannan karon na ce ko uwata ba za ta ji ba sai na ji kukansa."

Najaha ta rasa inda za ta sa kanta don kunya. Wata uku tana duban ƙafar ƙawarta, ba ta taɓa ɗaga kai ta dubi fuskarta ba. Ta san in babu sunan nan ciniki zai sake rikicewa, kaya su tafi tasha. Ta ɗauki waya ta goge shi, Baiwa na kallo.

Sannan ta kawo ruwa a roba, ta durƙusa, ta sa ƙafafun Baiwa a ciki.