Ranar da Inna ta sauka daga bakin kasko

Tun da zazzaɓin nan ya kwantar da Inna ya tashe ta, hancinta bai dawo ba. Ba ta faɗa wa kowa ba, ba kuma wanda ya tambaye ta. Ta koma bakin kaskonta na suyar gyaɗa kamar kullum, tana juya ta a cikin yashi mai zafi. Ita kuwa duk tsawon rayuwarta da hanci take sauke gyaɗa, ba ta taɓa murza ƙwaya ta duba cikinta ba. Yanzu sai ta yi ta juyawa tana jiran ƙamshin da ya riga ya cika gidan har ya fita waje.

Auta, ƙaramar 'yarta, ita ke kai niƙa, ta dawo ta yi ta juya ƙullin tana yayyafa ruwan zafi har mai ya taso. Tana ganin yadda man ke fitowa baƙi-baƙi, da warin hayaƙi. In Inna ta juya baya sai ta zare itace ɗaya daga murhu. Inna ta dawo ta mayar, ta ce wutar yau ragguwa ce kamar mijin Auta.

Wata rana da hantsi wata mai abinci ta shigo da galan a hannu. Ta gaida Inna, ta yi mata ya jiki, sannan ta ja Auta gefe. Ta ce ta daɗe tana sayen mai a gidan nan, amma wannan ko miya ba ya yi, masu ci suna ta tambaya ko tukunya ce ta kama. In haka zai ci gaba, za ta nemi wani wuri.

Inna na zaune a kujerarta, ta ji komai. Da matar ta fita ta ce a miƙo mata cokali. Ta ɗiga man a harshe.

"Ɗaci dai harshe na ji," ta ce. "Tun yaushe?"

"Tun da kika tashi, Inna."

"Ku kuma kuna ci."

"Muna ci."

Ba ta yi faɗa ba. Ta tura wa Auta muciya da ƙafa, ta ce ta riƙa murza ƙwaya tunda nata hancin bai koyi komai ba. In jar fatar ta saɓule, ciki ya yi ruwan zuma, ta sauke. In ta yi gaggawa man zai yi gafi, kuma ba zai fito da yawa ba.

Inna ta tashi, Auta ta zauna. Kujerar da ɗumin Inna har yanzu. Ta juya, ta murza, ta sauke, ba ta ji daɗi ba, ba ta ji akasinsa ba. Inna ta ja faifai can gindin bango inda hayaƙi ba ya zuwa, ta fara tsince tsakuwa daga ɗanyar gyaɗa.