Tumbin Kawu a Hoto Biyu

Koci dai mutum ne mai tsantseni a kan hoto. A ɗan ɗakin motsa jikinsa har layi ya ja da fenti a ƙasa, inda kowa zai tsaya. Hoton ranar farko da na bayan wata uku, bango ɗaya, haske ɗaya, riga ɗaya, kuma ba ya sa na kowa a shafinsa na intanet sai mai shi ya yarda.

To, yau wata uku da buɗe wurin, shafin nan babu hoto ko ɗaya, mutane kuwa sai sun gani suke zuwa. Duk begensa na kan kawunsa, tsohon direban babbar mota, wanda sikeli ya shaida ya sauke kilo bakwai.

Koci ya ɗauki hoton Kawu na yau, ya jera da na farko a waya. Ikon Allah! Kamar an haifi tagwaye. Ya juya wayar, ya goge gilashin da bakin riga. Tumbi dai na nan yadda yake.

"Kawu, kilo bakwai ɗin nan daga ina suka fita? Daga kunne?"

Kawu ya leƙa, ya sosa ƙeya, ya yi ƙasa da murya.

"Ɗana, ranar farkon nan... shanye cikina na yi."

"Ka yi me?"

"Riƙe numfashi na yi! Ka ce duniya za ta gani. In tsaya da tumbi kamar randa, surukaina na kallo?"

Koci ya zauna a kan benci, ya dafe kai. Hoton farko ba ya ɗaukuwa sau biyu, tumbin da ya tafi ya tafi.

"Kwantar da hankalinka," in ji Kawu. "Bari in sha ruwa gora biyu, in turo shi gaba, in ɓata fuska. Ka ce tsohon hoto ne. Wa zai sani?"

Wallahi sai da zuciyar Koci ta ɗan raya masa. Sannan ya girgiza kai.

"Wanda ya gani zai zo yana neman abin da ruwan gora ya yi, ni kuma ba shi nake sayarwa ba. Waɗannan biyun za mu sa, in ka yarda. In rubuta: na hagu yana riƙe da numfashi, na dama ya saki jikinsa, tsakaninsu wata uku da kilo bakwai."

"Wato ka tona mini asiri a bainar jama'a."

"In ka ƙi, na bari. Shafin ya ci gaba da zama wayam."

Kawu ya daɗe yana kallon mutumin nan na hagu, idanu sun firfito, wuya ya kumbura. Sai dariya ta ƙwace masa.

"Sa shi. Amma ka ƙara da cewa minti guda cur na yi ban numfasa ba, kana ta neman haske. A shekaruna, wannan ma aiki ne."