Hannun Dogo

Shagon tela yana jikin shagon mai aski, bango ɗaya ne tsakaninsu, kuma abotarsu ta girmi bangon. Dogo ake ce wa mai askin. Shi ne wata rana bayan kowa ya watse ya miƙa wa tela hannunsa na hagu, ya ce, "Duba." Yatsun suna ɗan karkarwa. Likita ya ba shi magani, ya ce zai iya ci gaba da aiki. "Ko matata ba ta sani ba tukuna," in ji Dogo.

Ranar da abin ya faru benci a cike yake, ana ta ba'a. Dogo ya tsokani tela cewa ya ɗinka wa wani wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, aka kwashe da dariya. Tela ya ji zafi, bakinsa kuma ya riga hankalinsa.

"Gara ni, wando ake warwarewa. Ku dai ku riƙe kunnuwanku, hannun nan rawa yake."

Aka sake dariya, amma gajera. Direban da ke kan kujera ya saci kallon hannun ta madubi, sannan ya ce a bar gyaran fuskar, sauri yake. Dogo ya ninke askar, ya kakkaɓe ƙyalle.

Washegari tela ya leƙa ta ƙofa. "Dogo, idan ka ji haushi ka yi haƙuri, ka san wasa nake."

"Ba komai," in ji Dogo, yana share gashi a ƙasa.

Ba komai ɗin nan ya hana tela sukuni. Ana gaisawa, amma ƙwanƙwasa bangon da Dogo yake yi idan shayi ya nuna ya tsaya. Da tela ya ba matarsa labari, ban da sirrin hannun Dogo, sai ta ajiye tsintsiya.

"Maigida, wannan ai ba ban haƙuri ba ne. Ka ce idan. Ka mayar da laifin kan haushinsa."

Ya wuni yana taka keken ɗinki yana juya maganar. A gaban mutane ya yi ɓarnar, a gabansu ya kamata ya gyara. To, me zai ce musu? In ya ce ya tona asiri, ya tabbatar da abin. In ya ce ƙarya ya yi, ya ɗora ƙarya a kan cin amana. Can sai ya lura har yanzu shi kaɗai yake yanke hukunci a kan mutuncin wani.

Ya jira shagon ya zama ba kowa, ya shiga, ya ƙi zama.

"Ka ba ni amana, na yi makami da ita don an yi mini dariya. Na taɓa sana'arka a gaban masu zuwa wurinka. Ba wasa ba ne, ba ni da hujja. Ka yafe mini."

Dogo ya daɗe yana goge almakashi. "Ka san abin da ya fi ci mini rai? Direban nan bai dawo ba. Kuma dole na gaya wa matata a daren, kada ta ji a bakin titi."

Tela ya ji uzuri ya taso masa har maƙogwaro, ya haɗiye shi.

"Me kake so in yi? In kana so in yi magana a gabansu, zan yi."

"Ka tara su ka yi wa hannuna wa'azi? A'a. Kada ka ƙara ambatonsa." Ya rataye almakashin. "Na yafe. Amma kada ka sa ran in sake nuna maka wani abu nan kusa."

"Na yarda."

Ranar da benci ya sake cika, tela ya shigo ya bi layi kamar kowa. Da aka zo kansa ya zauna, ya ce yadda kowa zai ji, "Rannan na yi wa Dogo rashin kunya a nan, ban kyauta ba." Ya kwantar da kai, ya ɗaga haɓa. "Gyaran fuska. Da aska."

Dogo ya shafa kumfa, ya ɗora yatsun hagu a kumatunsa. Tela ya ji 'yar karkarwar a fatarsa, siririya, shi kaɗai ya ji ta. Bai motsa ba. Askar ta bi maƙogwaronsa sumul.

"Rufe bakin nan," in ji Dogo, "kada in rage maka shi."

"Da ka taimaki unguwa," wani ya ce daga benci.

Bayan kwana biyu tela yana yankan yadi ya ji an ƙwanƙwasa bango. Sau ɗaya, ba sau biyu irin na da ba. Ya ajiye almakashi ya ɗauki kofinsa.