Takardar da Ke Cikin Kwalin

Baffa ba ya zuwa duba marar lafiya hannu rabbana. Wani ya kawo lemo, shi ƙwaya yake kawowa, kuma kullum da shaidarsa: "Ni na sha, ya yi mini aiki." Bai taɓa zama ajin likita ba, amma kowa a dangi ya sha daga aljihunsa.

Ran nan da hantsi ya ratso ta shagon tela, ɗan wansa, zai shiga cikin gida. Ya zare ƙwayoyin daga kwalinsu, ya jefa kwalin cikin kwandon ƙyallaye.

"Baffa, na mene ne?"

"Na gwiwar babanka. Kai dai ji da allurarka."

Tela ya ji da allurarsa. Wani yadi mai santsi yake fama da shi, keke sai tattare shi yake yi. Maganin wannan a wurin teloli siririyar takarda ce: a shimfiɗa ƙarƙashin yadin, a ɗinke tare, a yage daga baya. Ya laluba kwandon, ya zaro ta cikin kwalin Baffa, ya warware ta. Rubutu ƙanana kamar ƙwan kwarkwata. Ya sa ƙafa zai taka keke ke nan, idonsa ya faɗa kan kalma ɗaya da ya sani: warfarin.

Ai dole ya san ta. Tun da jini ya daskare wa Baba a ƙafa bara, shi ke karɓo masa wannan maganin tsinka jinin, shi ke kai shi awo.

Ya ɗage ƙafarsa. Ibuprofen ne sunan ƙwayar Baffa. Ya bi da yatsa. Wuri ɗaya an ce kada a sha sam idan akwai gyambon ciki ko zubar jini. Wani wurin an ce mai shan maganin tsinka jini ya tambayi likita ko mai haɗa magani kafin ya sha. Baba ba shi da gyambon ciki. To hani ne ko jan kunne? Tela bai sani ba, kuma a gaskiya tsoron Baffa yake ji kusan yadda yake tsoron takardar.

Ya shiga ɗaki da takardar a hannu. Baba na kishingiɗe, ƙwaya biyu a tafinsa, Baffa na tsiyayo ruwa.

"Baba, don Allah a dakata."

"Iye!" in ji Baffa. "Yau ƙwai ya fi kaza wayo? Waccan takardar ko a maganin mura mutuwa take lissafawa. Masu kamfani ne ke kare kansu."

Tela ya ɗauko wayarsa. Lambar kantin da yake karɓar maganin Baba tana jikin ledar. Ya kira, ya buɗe murya kowa ya ji. Mai haɗa maganin mace ce marar gaggawa. Ya karanta mata sunayen biyu.

"Kada ya sha," ta ce. "Wannan yana cin bangon ciki, wancan yana hana jini tsayawa. Idan suka haɗu, mutum na iya zubar da jini ta ciki bai sani ba. Ya riga ya sha?"

"A'a, Allah ya kiyaye, na tare shi." Har da ɗan alfahari ya faɗa.

"Madalla. Da ya sha, da na tambaye ka ko dasashinsa na jini, ko yana jiri, ko bayan gidansa ya koma baƙi kamar kwalta."

Baba ya zuba wa bango ido.

"Baƙi, ta ce?"

Ya tura hannu ƙarƙashin matashi, ya jawo ƙullin takarda. Ƙwayoyin ne, saura kaɗan. Baffa ya kawo su tun zuwansa na makon jiya, a ƙulle, babu kwali. Safe da yamma Baba yake sha, bai faɗa ba don kada ɗansa ya ce ya cika ƙorafi. Jirin kuwa ya ɗauka tsufa ne.

Tela ya faɗa wa matar, muryarta ta sauya. "Ku kai shi asibiti yanzu, sashen gaggawa, kada ku jira yamma. Kada ya ƙara shan ko ɗaya sai likita ya gan shi. Ku tafi da magungunan biyu."

Tela ya fita da gudu neman mota, yadin mutane na rataye a bakin keke. Da ya dawo ya tarar Baffa a durƙushe yana sa wa wansa takalmi, ya kasa ɗaura maɗaurin.

A mota, Baba ya jingina da kafaɗar ɗansa, leɓɓansa sun yi fari. Can Baffa ya miƙo hannu daga kujerar gaba, bai waiwayo ba.

"Ba ni takardar nan."

Tela ya miƙa masa. Baffa ya juya ta, ya nisanta ta da ido, ya kusanto, rubutun ya ƙi ganuwa. Ya mayar masa.

"Karanta mini a hankali," ya ce. "Na ba Goggonka irinsa shekaranjiya."